Hutun haihuwa mako 14: nawa ne zai shigo hannuna?

"'Yan uwa, albashina 130,000 ne a wata. Takardar wurin aikinmu ta ce hutun haihuwa mako 14 ne, shida na farko cikakken albashi, sauran takwas kashi biyu cikin uku. Gaba ɗaya nawa zan karɓa?"

'Yar uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Sau biyu na yi irin wannan hutun, kuma a na farko lissafina ya sha bamban da abin da ya shigo, shi ya sa nake so ki zauna da biro tun yanzu.

Ki fara mayar da albashin wata na mako, amma kada ki raba shi huɗu, domin wata ya ɗara mako huɗu. Ki ninka 130,000 sau 12, ya zama 1,560,000, sai ki raba da mako 52 na shekara. Kowane mako 30,000 ke nan. Mako shida na cikakken biya 180,000 ne. Kashi biyu cikin uku na 30,000 shi ne 20,000, sau takwas 160,000. Jimla 340,000, kafin a cire haraji da sauransu. Da a bakin aiki kike 420,000 za ki samu, giɓin 80,000 ne. Wadda ta raba da huɗu kuwa za ta sa rai da ƙarin sama da 28,000 da ba za su zo ba.

Inda ni na sha wuya shi ne kalmar "albashi" kanta. Ashe a wurinmu daga tushen albashi ake lissafa kashi biyu cikin ukun, ba a haɗa da alawus. Ban sani ba sai ranar da na buɗe takardar albashi, jaririya tana barci a cinyata, na yi ta maimaita karatu ina zaton kuskure aka yi. A ce tushen naki 91,000 ne cikin 130,000 ɗin. Na mako 21,000 ne, kashi biyu cikin ukunsa 14,000, mako takwas 112,000 maimakon 160,000. Jimlar ta sauko 292,000. Don Allah ki je ofishin kula da ma'aikata ki tambaya daga wanne ake lissafi, kuma su ba ki amsa a rubuce.

Idan kina biyan bashin da ake cirewa daga albashi, yawanci shi ba ya raguwa don naki ya ragu, daga ɗan abin da ya saura za a cire shi cif.

Sannan ki duba daga wace rana ake fara ƙirga makonnin. Idan daga ranar da kika bar aiki ne, kuma kika tafi saura mako huɗu ki haihu, jaririn yana mako biyu a duniya cikakken biyan zai ƙare, daidai lokacin da hidima ta fi yawa.