Yadda ake bin furogiram layi-layi a kan takarda kafin jarrabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, muna yin kwas na Python, kuma jarrabawarmu a takarda ake rubuta ta. Ba ni da kwamfuta. Tambayar da ke kayar da ni ita ce wadda za a ba mu kod a ce mu faɗi abin da zai fito. Ina karantawa in ga kamar na gane, amma amsata sai ta sha bamban da ta malami. Yaya zan yi atisaye da biro da takarda kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsalar tana cikin wannan "kamar na gane" ɗin. Idan kina karanta kod da ido, hankalinki yana tsallakawa ne zuwa abin da kike zaton marubucin yake nufi. Ita kuwa kwamfuta ba ruwanta da nufi, layi ɗaya take ɗauka ta aikata, sannan ta sauka na gaba. Masu shirya jarrabawa sun san wannan sarai, shi ya sa suke ɗana tarkonsu a daidai inda zato da aiki suka rabu. Maganin shi ne jadawalin bibiya, wato ki hana kanki riƙe kowace lamba a ka, komai ya sauka a takarda.

Ki lamba layukan kod ɗin tukuna. Sai ki ja layuka daga sama zuwa ƙasa, ki ba kowane bariyabul gidansa, ki ƙara gida ɗaya na sharaɗi, da wani na abin da aka buga a sikirin. Ga misali irin wanda ake yawan kawowa:

```python
n = 407
r = 0
while n > 0:
    d = n % 10
    r = r * 10 + d
    n = n // 10
print(r)
```

Alamar `%` tana ba da ragowar rabawa, `//` kuma tana rabawa ta zubar da ragowar. Da farko ki rubuta 407 a gidan `n`, 0 a gidan `r`, ki bar gidan `d` fayau domin ba a ba shi komai ba tukuna. Kada ki sa masa sifiri, rashin ƙima daban, sifiri daban.

Yanzu sharaɗi: 407 ya fi 0? E, sai a shiga. Ragowar 407 idan an raba da 10 ita ce 7, `d` ya zama 7. Layi na biyar shi ne inda ɗalibai suka fi zamewa. Alamar `=` a nan umarni ce, ba daidaito irin na lissafi ba: a gama lissafa ɓangaren dama da ƙimar da ke hannu yanzu, sannan a zuba sakamakon a na hagu. Saboda haka 0 sau 10 a tara da 7, `r` ya zama 7. Layi na shida ya mayar da `n` 40. Daga nan yatsanki ya koma sama kan `while`, ba ya sauka kan `print`. Idan kin ci gaba haka, takardarki za ta yi kama da wannan:

```
n > 0    d    r      n
         -    0      407
e        7    7      40
e        0    70     4
e        4    704    0
a'a
```

Abin da zai fito shi ne 704. Ki lura da sahu na ƙarshe, wanda babu komai a cikinsa sai "a'a". An shiga luf ɗin sau uku, amma an duba sharaɗin sau huɗu, kuma na huɗun ne ya fitar da mu. Ki saba rubuta shi, domin akwai malaman da ke tambayar sau nawa aka gwada sharaɗi, kuma wanda bai rubuta ba zai ce uku.

Ƙa'idar da na fi matsa wa ɗalibai a kai ita ce kada a goge tsohuwar ƙima. Sabuwa ta sauka a sahu na ƙasa, tsohuwa ta zauna inda take. Ƙimar da ke aiki kullum ita ce ta can ƙasan gidan. Mai gogewa idan ya ɓata a tsakiya dole ya koma farko, mai barin tarihi kuwa zai hau da yatsa ya ga daidai inda ya kuskure. A kod mai wuya ma ki ba kowane layi sahunsa, maimakon kowane zagaye kamar yadda na taƙaita a sama.

Da kin gama, kin riga kin gane cewa furogiram ɗin yana juya lamba ne baya. To a nan haɗarin yake dawowa, domin da zarar kin gane manufa za ki so ki daina bibiya. Gwada 120. Zato zai ce 021. Jadawali kuwa zai nuna `d` 0 ne a zagayen farko, `r` ya tsaya 0, sannan ya zama 2, sannan 21. Amsa 21 ce, tunda lamba ba ta riƙe sifirin gaba. Gwada kuma 0: sharaɗi ya faɗi tun daga ƙofa, ba a shiga ko sau ɗaya ba, a buga 0.

Tambaya ɗaya irin wannan za ta iya haifar miki da atisaye da yawa ba tare da kin nemi wani littafi ba. Ki canza abu ɗaya tak ki sake bi. Idan kin ɗauko layin `n = n // 10` kin sa shi a saman layin `d`, 407 zai ba ki 40, saboda an zubar da 7 kafin a karanta shi. Idan kin tura `print(r)` ciki ya daidaita da layukan luf, za a buga 7, 70, 704, kowanne a layinsa. Idan kuma kin mayar da sharaɗin `n >= 0`, za ki ga `n` ya maƙale a 0 yayin da `r` ke kumbura, 7040, 70400, babu ƙarshe. Alamar luf marar tsayawa ke nan a takarda: bariyabul ɗin da sharaɗi ya dogara a kai ya daina motsi. Da kin ga haka sau biyu, ki tsaya ki rubuta cewa ba zai ƙare ba.

Jadawali ba zai cece ki ba idan dokar yaren ce ba ki sani ba, zai dai kai ki ga kuskure cikin tsari. Don haka ki haddace 'yan ƙananan dokokin da ke sauya amsa. A Python `7 / 2` yana ba da 3.5, alhali a C da Java idan duka biyun cikakkun lambobi ne 3 yake bayarwa. Haka `range(1, 5)` yana tsayawa a 4, amma wanda ya taso da BASIC na sakandare ya saba `FOR I = 1 TO 5` yana haɗawa da 5, sai ya ƙara zagaye ɗaya bai sani ba. Luf mai zagaye ɗari kuma ba a bin sa duka a ɗakin jarrabawa: ki bi ukun farko har salon ya bayyana, sannan ki bi biyun ƙarshe da hannu, domin a bakin fita kuskure ya fi ɓuya.

Saura wa zai duba miki. Ki sami abokiyar karatu, kowa ta bi tambaya ɗaya ita kaɗai, sannan ku jera takardun ku nemo sahu na farko da kuka saɓa. Kada ku ɓata lokaci kuna gardama kan amsar ƙarshe, layin da ya haifar da wannan sahun shi ne darasinku. Idan kuma kina da wayar Android, manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python a waya. Sai dai ki rufe ta har sai kin rubuta amsarki da biro, sannan ki buga kod ɗin ki kwatanta.