Ƙasa, al'umma, daula da yanki: ina bambancin yake?

Tambaya: Malam, a darasin labarin ƙasa an ce mana ƙasa daban, al'umma daban, daula daban, yanki ma daban. Ni kuwa duk "ƙasa" nake ce musu. Don Allah a warware mini.

Amsa: Ɗan'uwa, ba laifinka ba ne, Hausa ce ta ɗora wa kalma ɗaya kaya da yawa. Muna cewa ƙasar Nijar, ƙasar Hausa, ƙasar Katsina, alhali abu uku ne mabambanta. Bari mu ɗauki Somaliyawa, domin a wurinsu za ka ga duka huɗun a fili.

Al'umma mutane ce. Jama'a ce da ke jin kanta ɗaya saboda harshe, tarihi da al'ada, ko da iyaka ta ratsa tsakaninsu. Somaliyawa suna Somaliya, suna Jibuti, suna gabashin Habasha, suna arewa maso gabashin Kenya. Dubi tutar Somaliya da kyau: farin tauraro mai tsini biyar a kan shuɗi. Kowane tsini yana wakiltar wani ɓangare da Turawan mulkin mallaka suka raba al'ummar, wato na Italiya, na Birtaniya, na Faransa, da na Ogaden, da na Kenya. Mu ma mun san wannan a gida. Bakatsinen da ya je biki Maraɗi ba ya neman tafinta, amma a bakin iyaka sai ya nuna takarda, ya canza naira zuwa sefa. Takardar nan ba al'umma ce ta nema ba, daula ce.

Daula hukuma ce mai cikakken iko, wadda babu wata a samanta. Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 ta kafa mata sharuɗɗa huɗu: jama'a mazauna, iyaka sananniya, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran dauloli. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don kalmar Turancin da ake kiran daula da ita, wato "state", ita ce kuma ake kiran jiha da ita. Jihar Kano tana da gwamna da majalisa, amma ba ta buga kuɗi, ba ta da soja, ba ta tura jakada. Saboda haka jiha ce a cikin daular Nijeriya.

To, sai dai cika sharuɗɗan a aikace bai isa ba, kuma wannan ne abin da na fi so ka riƙe. Ɓangaren Somaliyawa da Birtaniya ta mulka ya sami 'yanci ranar 26 ga Yuni 1960, bayan kwana biyar ya haɗe da na Italiya aka kafa Somaliya. A 1991, da gwamnatin Siyad Barre ta rushe, sai ya ɓalle da sunan Somalilan. Tun daga lokacin yana da babban birni a Hargaisa, da kuɗinsa, da sojansa, yana zaɓe, shugaba ya sauka wani ya hau. Amma ba shi da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya mai mambobi 193, ba shi da ita a Tarayyar Afirka. Ita kuwa Somaliya, ko a shekarun da gwamnatinta ba ta iko da mafi yawan ƙasar, ba wanda ya soke sunanta. Dalilin ya koma 1964, lokacin da shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa za a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci. Suna tsoron in aka buɗe ƙofa ga ɗaya, kowa zai biyo. A ganina hujjar Somalilan tana da ƙarfi, tunda iyakar da take nema ita ma gadon mulkin mallaka ce, kuma abin yana ba ni takaici idan na tuna matashin Hargaisa da fasfonsa bai kai shi wurare da yawa.

Yanki kuwa fili ne da ke ƙarƙashin wani iko, ko ake jayayya a kansa. Ogaden yankin Habasha ne duk da Somaliyawa ne mazaunansa, kuma a kansa aka gwabza yaƙi daga 1977 zuwa 1978. Akwai kuma yankunan da ba su kai ga mulkin kansu ba, irin Yammacin Sahara, wanda ke cikin jerin Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1963.

Ita "ƙasa" kalma ce ta yau da kullum, ba ta shari'a ba, shi ya sa take da sassauci. Ana kiran Sikotilan ƙasa, tana da majalisarta da ƙungiyar ƙwallonta, amma mutuminta fasfon Birtaniya yake riƙewa. In ka ruɗe a jarrabawa, tambayi wa ke ba mutanen wurin fasfo, wa kuma ke sa hannu a yarjejeniya da sunansu. Wanda ke yin waɗannan, kuma sauran dauloli suka karɓa, shi ne daular.