Na mayar da waƙa daga 64 zuwa 320, me ya sa sautin bai gyaru ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shago kusa da babbar kasuwar Maradi, ina sa wa mutane waƙoƙi a memori. An kawo mini wata tsohuwar waƙar biki, MP3 ce mai 64 kbps. Na juya ta a kwamfuta ta koma 320 kbps, nauyinta ya tashi daga mega 2 da ɗoriya zuwa mega 12, amma da aka sa ta a babbar sifika sautin na nan a dushe. Manhajar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, manhajarka lafiya lau take, ta yi abin da ka sa ta. Abin da kake nema ne ba ya cikin fayil ɗin tun farko, an zubar da shi ranar da aka fara matse waƙar.

Lambar kbps tana faɗin yawan bayanin da aka ware wa kowane sakan ɗaya na sauti. A faifan CD, sakan ɗaya yana cin kusan 1411 kbps. Wanda ya yi fayil ɗinka ya ba shi 64 kawai, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin. Ba naɗe sautin aka yi ba, da za a ce wata rana a warware shi ya dawo yadda yake. Manhajar MP3 zaɓe take yi: ta ajiye abin da take ganin kunne zai fi lura da shi, sauran ta jefar, kuma ba ta rubuta ko'ina abin da ta jefar.

Hanya biyu take bi. Ta farko, tana datse siraran sautuka na sama. Da kHz ake auna sirancin sauti. Kunnen yaro mai lafiya yana ji har wajen 20 kHz, amma a 64 kbps da yawa daga manhajojin suna yanke komai daga wajen 11 kHz. Can sama kuwa nan ne ƙyallin sauti yake: kaifin tafi, ƙarshen guɗa, shashshakar «s» da «sh» a bakin mawaƙiya. Dushewar da ka ji ke nan. A ƙaramar sifikar waya ba a cika lura ba, don ita ma ba ta fitar da sauti cikakke, amma babbar sifika ba ta rufa asiri.

Ta biyu ta fi muhimmanci, kuma ita ce mutane ba su sani ba. Sautin da aka bari ma ba a rubuta shi daidai ba, ƙiyasta shi aka yi. MP3 tana yanka waƙa gunduwa-gunduwa, kowane gutsure wajen kashi ɗaya cikin arba'in na sakan, ta auna ƙarfin kowane sauti a ciki ta rubuta shi da lamba. Idan wuri ya yi kaɗan, sai ta dunƙule lambobin. A ce ƙarfin wani bugun kalangu 738 ne, wurin da ke akwai bai isa a rubuta shi dalla-dalla ba, sai a rubuta 700. To yanzu ka zo ka ba manhaja wuri ninki biyar. Me za ta rubuta? 700 ta tarar, kuma ba yadda za a yi ta san ko asalin 738 ne, ko 651, ko 749, don duk waɗannan 700 suke komawa. Sai ta rubuta 700 ɗin da kyau, da kulawa, ta cinye wuri. Wannan dunƙulewar ce ke jawo sautin nan mai kama da kurkurar ruwa da ake ji a bayan murya, kuma sabon fayil ɗinka ya kwafe shi tsaf, domin manhajar ba ta bambanta kiɗa da lalacewar kiɗa.

Lissafin nauyin ma ya fito daidai. 64 kbps na cin kilobayit 8 a sakan, waƙar minti 5 ta zama mega 2 da kilobayit 400. 320 kbps na cin kilobayit 40 a sakan, minti 5 ya ba da mega 12. Tiya ɗaya ta hatsi ce ka juye a babban buhu.

Akwai ma ɗan ragi. Kafin a samu sabon fayil, sai an buɗe tsohon, sannan a sake matse shi, kuma kowace matsa tana yin nata dunƙulewar. A 320 ragin kaɗan ne ƙwarai, da wuya kunne ya kama shi. Amma dai ƙasa aka yi, ba sama ba. Inda abin ke muni shi ne waƙar da ta bi hannu biyar, kowa ya juya ta yadda ya ga dama. Kwafi kuwa, daga memori zuwa memori ko ta Bluetooth, ba ya rage komai. Juyawa ce ke ragewa.

Tunda sana'arka ce, ga yadda za ka gane 320 na jabu idan an kawo maka, don lambar da waya ke nunawa ba hujja ba ce. Buɗe waƙar a Spek, ko a Audacity ka zaɓi Spectrogram; dukansu kyauta ne. Mai ffmpeg zai iya rubuta:

```
ffmpeg -i waka.mp3 -lavfi showspectrumpic hoto.png
```

Hoton zai nuna lokaci a kwance, kaurin sauti da sirancinsa a tsaye. Duba inda launi ya ƙare daga sama. MP3 mai 320 na gaskiya yakan kai wajen 20 kHz. Wanda aka ɗago daga 128 yakan tsaya wajen 16 kHz. Naka, ina kyautata zaton za ka ga ya tsaya wajen 11, kamar an ja layi da rula, sama da shi baƙi ƙirin. Gwada tsohon da sabon gefe da gefe, layin wuri ɗaya zai tsaya. Sai dai a yi hattara da waƙoƙin da aka ɗauko daga tsohon kaset: su dama samansu ba ƙarfi, amma a hankali launin ke dusashewa, ba a yanke shi ƙat ba.

Ban ce juyawa ba ta da rana ba. Saƙon murya na WhatsApp da Opus ake matse shi, kuma rediyon mota da ƙananan rediyoyi masu cin memori da yawa ba sa karanta shi, dole a mayar da shi MP3. A nan ba shi lamba mai ɗan yalwa, 96 ko 128 ga magana zalla, don kada matsa ta biyu ta ƙara masa rauni. Haka idan za ka yanke waƙa ko ka haɗa ta da wata, ajiye aikin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, har ka gama, ka matse sau ɗaya a ƙarshe. WAV ɗin ma ba gyara yake yi ba, tsayar da lalacewa yake inda ta kai.

Game da waƙar bikin nan, ni dai da zan share mai mega 12 in riƙe ta farkon. Sannan ka tambayi wanda ya kawo ta inda ya samo. Idan kaset ɗin asali ko faifan yana hannun dangi, ko mai ɗaukar bikin bai zubar da nasa ba, a sake ɗauka daga can zuwa WAV, daga shi a fitar da MP3 mai 192 ko sama da haka. Idan babu, ɗan ɗaga sautukan sama a ikwalaiza zai iya sa ta yi ɗan haske, amma kar ka matsa, don kurkurar nan za ta taso tare da su.