Amsa kan muryar da ke nutsewa cikin ribab

Tambaya: "Duk lokacin da na sa ribab, kalmomin mawaƙina sai su dushe. Yaya zan yi?"

Ranka ya daɗe, kada ka ɗora ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti, kai tsaye a kan layin murya; ka buɗe masa layin Aux na daban, ka sa Mix a 100% don ribab zalla ya fito daga layin, sannan ka tura muryar ta Send, wato maɓallin aika sauti zuwa wannan layin, da kaɗan-kaɗan. Kafin sautin ya shiga ribab ɗin, ka yanke abin da ke ƙasa da 600 Hz da abin da ya haura 10 kHz, domin sautuka masu kauri ne suke taruwa su dagula waƙa. Ka ba Pre-delay, wato jinkiri kafin ribab ya fara, kamar 40 ms, don baƙaƙen kalma su fito tukuna.

Idan kiɗan ya cika, maimakon ribab ni na fi son Delay, wato maimaita sauti, mai bin bugun waƙar, da Feedback, wato yawan maimaicin, kaɗan, domin yana barin gurbi tsakanin maimaici.