Rahoton Kwadon: daga kalma 900 zuwa 600

"Malam, barka da warhaka. Rahoton da na rubuta kan manoman tumatir na Kwadon ya kai kalma 900, edita kuma ya ce filin 600 kawai ya rage a shafi. Na kwana ina tsince kalmomi ɗaya-ɗaya, da ƙyar na rage 70. Yanzu ina tunanin cire sakin layin dillalin nan gaba ɗaya, tunda musu kawai ya yi. Me ake fara cirewa? Ga rubutun nan na turo maka."

Barka kadai, ɗana. Na karanta shi sau biyu bayan sallar asuba. Dillalinka dai bar shi inda yake, zan dawo kansa.

Abin da ka kwana kana yi aski ne, kuma aski ba ya rage kashi ɗaya cikin uku. A iya abin da na gani a wannan aiki, in rubutu bai cika surutu ba, tsince kalmomi yakan ba ka wajen kashi ɗaya cikin goma ne, daga nan sai ka fara yanka tsoka. Jimloli su bushe, "da" da "kuma" su ɓace, rubutu ya koma kamar saƙon waya. Kalma 300 sai an sare rassa. Don haka ka ajiye wanda ka aske a gefe, ka buɗe na asali, ka yi masa kwafi da wani suna kafin ka taɓa komai.

Aikin farko ba yanka ba ne, awo ne. A Word, in ka zaɓi sakin layi guda, adadin kalmominsa zai fito a ƙasan allo. Na yi wa naka haka. Buɗewarka 110 ce, tarihin jiha da na dam 95, manomi na farko 130, na biyu 85, matar nan mai shanya kauɗa 100, dillali 90, maganar tsutsa 120, farashi 100, rufewa 70. Rubuta waɗannan a gefen takarda da biro. Da zarar ka gan su a jere, za ka daina kallon jimlolin da kake ƙauna, ka fara ganin inda nauyi yake.

Sannan ka faɗa wa kanka labarin a jimla ɗaya, kamar ka haɗu da abokinka a bakin tasha motarsa na shirin tashi. Naka, a yadda na fahimta, shi ne: kaya sun yi yawa a kasuwa lokaci guda, farashi ya karye, manoma suna cewa dillalai ne ke cin ribar guminsu. In ba ka yarda da jimlata ba, gyara ta, amma dole ta zama ɗaya. Duk sakin layin da za a iya ɗauke shi wannan jimla ba ta girgiza ba, shi ne a gaban layi.

Da wannan ma'auni, tsutsa ce ta farko. Na san za ka ji zafi, don a nan ka fi ƙoƙari. Ka bayyana yadda tsutsar da manoma ke kira sharon take shiga cikin ganye ta cinye shi ta ciki, har ka tuno ɓarnar da ta yi a Arewa a 2016. Duk gaskiya ne. Amma duba da kyau: labarinka na yawan tumatir ne, tsutsa kuwa labarin ƙarancinsa ne. Mai karatu yana tafe da hoton kwanduna jibge a rana ba mai saye, sai kwatsam ka ce masa gonaki sun ƙone. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Alamar da za ka riƙa gane irin wannan ita ce yadda ka shigo da shi. Ka rubuta "baya ga wannan matsala kuma, akwai wata". Duk inda ka ga hannunka ya rubuta "baya ga haka" ko "a wani ɓangaren kuma", tsaya ka bincika, sau da yawa wani labari ne ya laɓe a cikin naka. Ɗauke shi ɗungurungum, 120 ke nan a sara guda, kuma ba abin da zai yi jini.

Na biyu, shaidu masu magana ɗaya. Manominka na farko ya ce ya kawo kaya tun da hantsi, har la'asar ba a taya ba, ya sayar da asara don kada ya koma da su. Na biyu ma abin da ya ce ke nan, da wasu kalmomi. Kai ka sa su duka ne don ka yi tafiya ka same su, kuma kana jin nauyin mutumin da ya bar aikinsa ya tsaya maka. Mai karatu bai san da wannan nauyi ba. Ka zaɓi wanda ya faɗi abin da ido zai iya gani. Na farko ya ce yana jin ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan kwando yana jiƙa masa silifa, wannan ba a sayen sa da kuɗi. A bakin na biyu abu ɗaya ne sabo, cewa bashi ya ci ya sayi man injin ban-ruwa. Ɗauko wannan a kalma 15 ka manna a ƙarshen maganar na farko, ka ce "wani manomin kuma", sauran 70 su tafi. Mun kai 190.

Kada ka yi wa mai kauɗa haka. Ita ba maimaici ba ce. Ita kaɗai ce a rahoton da faɗuwar farashi ta yi wa rana, tana saye da araha, ta yanka, ta shanya, ta jira lokacin tsada. Ba ta faɗi abin da kowa ya faɗa ba, don haka tana nan.

Tarihi ba sai mun daɗe a kansa ba. Ka gaya wa mutanen Gombe cewa an cire jiharsu daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996. Wa ka ke sanarwa? Abin da labarin yake buƙata shi ne Kwadon tana ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, a kan hanyar da ta tashi daga Gombe ta bi ta Dadin Kowa, kuma ruwan kogin Gongola da dam ɗin da ke kansa ne ƙashin bayan noman rani a yankin. Kalma 35 sun isa, 60 sun fita. Sai dai ka lura, wannan hukunci ya dogara ne da wanda zai karanta. Da wata jarida ce ta Legas ko gidan rediyon ƙetare za ka aika wa, da na ce ka bar fiye da haka, ka nemi kalmomin a wani wuri.

Saura 50, suna cikin buɗewarka. Ka tashi da sassafe, ka shiga mota, direba ya tsaya shan mai, ka iso ƙura ta tashi. Sai a jimla ta biyar tumatir ya bayyana. Fara daga ta biyar. Yawancinmu haka muke, sai mun yi gyaran murya kafin mu yi magana, ni ma har gobe ina yi, bambancin kawai ina goge nawa kafin wani ya gani. Ga 300 cif, 120 da 70 da 60 da 50, kuma ba ka taɓa ko jimla ɗaya daga ainihin labarin ba.

To, dillali. Ka ce musu kawai ya yi. Sake karantawa: ya ce shi ma kuɗin mota da na lodi suna kansa, kuma in kaya suka lalace kafin su isa kudu, shi ke ɗaukar asarar. Ko da ma musun ne zalla, manoma biyu sun ɗora masa laifi a rubutunka. In ka cire bakinsa, ba gajarta rahoto ka yi ba, ka sauya shi ne daga labari ya koma tuhuma da sunanka a kai. Ina ƙaramin ma'aikaci a wata jarida, lokacin ana yanka takarda da reza ana mannawa, aka ce labarina ya wuce fili. An koya mana cewa daga ƙasa ake yankewa, sai na datse sakin layi biyu na ƙarshe ban ko duba ba. Ashe a nan martanin mutumin da ake zargi yake. Kwana biyu sai ga shi a ofis, dattijo da furfurarsa, jaridar a naɗe a hannu. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, ba kai ne ka zauna a zaurena na ba ka ruwa na yi maka bayani ba?" Har yau in na tuna sai na ji kunyar ta dawo sabuwa.

Yanka daga ƙasa yana aiki ne ga labarin da aka gina tun farko da mafi muhimmanci a sama, mara muhimmanci a ƙasa. Naka ba haka aka gina shi ba. In ya zama dole ka rage dillali, rage shi daidai da yadda ka rage masu zarginsa.

Akwai ƙananan kalmomi ma da suke da irin matsayinsa, kuma na ga ka tsince wasu a askinka na jiya. Ka rubuta "manoman suna zargin cewa dillalai na haɗa baki", ka mayar da shi "dillalai na haɗa baki". Ka samu kalma huɗu, ka ɗauki maganar wasu ka sa a bakinka. Mayar da su. Haka "kimanin" da "a cewarsa". A wajen farashi kuma, ka bar na wannan mako ka goge na makon jiya. Lamba ɗaya ba ta nuna faɗuwa, sai an ga daga inda ta faɗo. In kana neman abin cirewa a can, farashin attaruhu da tattasai da albasa ne baƙi, labarin tumatir muke yi.

Yanzu ne askin yake da amfani, a ƙarshe. "Ya bayyana cewa" ya koma "ya ce". "A nasa jawabin" da "da yake tofa albarkacin bakinsa" su fita. Ka samo kalma 30 ko 40 ta haka, ba don edita ba, don ɗinki. Duk inda ka sare reshe akwai zare da ke lilo. A rufewarka ka ce "ga tsutsa ga dillali", alhali tsutsa ta tafi. A maganar mai kauɗa akwai "kamar yadda manomin na biyu ya faɗa", shi ma yanzu jimla ɗaya ce ta rage masa. Ka bi kowane "shi" da "ita" da "wannan" ka tambayi kanka wa suke nufi a sabon rubutun, don wanda suke nufi a da mai yiwuwa yana cikin abin da ka zubar. Ka duba kuma in a sakin layin da ka cire ne aka fara gabatar da wani, sai ka ɗauko gabatarwar ka kai ta inda ya fara fitowa yanzu. Ido ba ya kama waɗannan, don ya riga ya haddace tsohon rubutun. Karanta da ƙarfi, ko ka ba wani a ofis wanda bai ga na 900 ɗin ba, duk inda ya ce "wane ne wannan?" ka sa alama.

Sakin layin tsutsa kada ka goge shi, ajiye shi a wani fayil. In ka koma Kwadon ka tambayi manoma wane magani suke fesawa, sau nawa a mako, da abin da yake ci musu, ya isa rahoto mai zaman kansa. Na 600 ɗin kuma turo min shi kafin la'asar, ina son in ga yadda ka haɗa maganar bashin mai da ta manomin farko.