Tsawon Mutanen Koriya ta Kudu: Gado Ne ko Abinci?

"Wai me ya sa matasan Koriya ta Kudu suka fi kakanninsu tsawo? Jininsu ne ya sauya?"

Jini bai sauya ba, shekara 100 ta yi kaɗan ga hakan. Matan ƙasar sun ƙaru da kusan santimita 20 a ƙarni ɗaya, amma ƴanuwansu na Koriya ta Arewa, da suka sha yunwa bayan 1990, an bar su a baya. Bambancin yana yarinta ne, musamman daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu: madara, ƙwai, nama, ruwa mai tsafta da rigakafi. Gudawa mai yawan dawowa tana cinye abincin da ya kamata ya gina ƙashi.

Kada ka sayi maganin ƙara tsawo, da zarar ƙashi ya daina girma bayan balaga, shi ke nan. Yaron da sa'o'insa suka tsere masa sosai kuwa, a kai shi likitan yara ya auna shi.