Mawaƙin ya ce na yi amfani da waƙarsa a fim, me ya rage?

Tambaya: Na gama haɗa fim ɗina. Akwai kiɗan da wani makaɗi ya tsara mini musamman, sai waƙa ɗaya da ta daɗe da fita, wadda mawaƙin ya ce mini da bakinsa in saka. Yanzu kamfanin da zai rarraba fim ɗin ya ce sai na kawo takardar jerin kiɗa da lasisin kowane kiɗa. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, fara da waƙar nan, domin a nan rigima take kwance. Duk waƙar da aka ɗauka aka fitar tana da haƙƙi biyu, kuma sau da yawa ba a hannu ɗaya suke ba. Na farko shi ne haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da kari, wanda yake hannun waɗanda suka rubuta ta ko kamfanin da suka damƙa wa kula da waƙoƙinsu. Na biyu shi ne haƙƙin sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda yawanci yake hannun wanda ya biya kuɗin ɗaukar, galibi kamfanin faifai. Mawaƙin da ya rera yana iya zama ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ko da shi ne mai duka biyun, kamfanin rarrabawa ba zai karɓi alkawarin baki ba.

Saboda haka lasisi biyu kake nema: na haɗa waƙar da hoto, daga masu waƙar, da na amfani da ainihin sautin, daga mai faifan. A takardu za ka ga an rubuta su `Synchronization License` da `Master Use License`.

Mu ɗauka mutum biyu ne suka rubuta waƙar, ɗaya yana da kashi 60, ɗayan kashi 40, kuma kowa da kamfanin da ke wakiltarsa. Sa hannun mai kashi 60 bai wadatar ba. Masu rarrabawa suna so su ga kashi 100 cif, don haka takarda uku za ka tara: biyu na waƙar, ɗaya na sautin. Idan kuma an tsakuro wani tsohon kiɗa an dasa a cikin waƙar, mai wannan kiɗan ma yana da kasonsa. Kana iya gano masu kason ta hanyar neman sunan waƙar a rumbun ƙungiyoyin karɓar haƙƙin mawaƙa irin su ASCAP, BMI, PRS ko SACEM, amma ka sa kowane mai haƙƙi ya rubuta kasonsa a cikin lasisin, domin bayanan rumbu sukan tsufa.

Wasiƙar neman izini sai ta faɗi abin da ake so dalla-dalla: abin da ke faruwa a wurin da waƙar ta fito, tsawon abin da aka yi amfani da shi, sau nawa, a waɗanne ƙasashe, ta waɗanne hanyoyi za a nuna fim ɗin, kuma na shekara nawa. Mai rarrabawa yakan so duniya baki ɗaya, kowace hanya, ba iyakar lokaci. Idan aljihu bai kai ba, ana iya ɗaukar na bukukuwan finafinai kaɗai na shekara ɗaya ko biyu, amma ka sa a rubuta kuɗin faɗaɗa lasisin tun yanzu. Wanda ya bari sai fim ya samu kasuwa, to mai waƙa ne zai yanka masa farashi yadda ya ga dama. Ka kuma lura da haruffan `MFN` a cikin tayin. Ma'anarsu ita ce ba za a biya wani fiye da mai wannan sharaɗin ba, don haka idan mai faifai ya ƙara kuɗinsa, na masu waƙar ma ya tashi kenan. Tallar fim kuwa daban ake neman izininta idan za a ɗora waƙar a kan wasu hotunan da ba nata ba.

Idan mai faifan ya ƙi, akwai mafita: ka sa a sake rera waƙar, sai lasisin masu waƙar kaɗai ya rage, tare da yarjejeniya da waɗanda suka sake rerawa. Idan masu waƙar ne suka ƙi, cire ta kawai za ka yi.

Kiɗan makaɗinka ya fi sauƙi, amma biyan kuɗin aiki bai mallaka maka shi kai tsaye ba. A rubuta ko ya sallama haƙƙin ga kamfaninka ne, ko yana riƙe da shi ya ba ka izinin amfani a wannan fim. A kowane hali, al'adar sana'ar ita ce ya riƙe kasonsa na marubuci a kuɗin da gidajen talabijin da manhajojin kallo suke biya. Ka sa ya tabbatar a rubuce cewa duk wanda ya buga masa kayan kiɗa ko ya rera ya sa hannu.

Ita takardar jerin kiɗa ba ta ba da izinin komai. Da ita ƙungiyoyin haƙƙi suke sanin wanda za su biya, da nawa. Ana cika ta ne daga fim ɗin da aka gama gyarawa aka kammala haɗa sautinsa, ba daga jerin da makaɗi ya aiko ba, domin a wajen haɗa sauti ake gutsure kiɗa ko a jefar da wani gaba ɗaya. A sama za ka sa sunan fim da duk wani sunan da aka san shi da shi, kamfanin da ya shirya, shekara, tsawon fim da jimillar tsawon kiɗa. Daga nan duk lokacin da kiɗa ya shigo ya fita, layi ɗaya ne, bi da bi: lamba, suna, lokacin shiga da fita, tsawo, yanayin amfani, marubuta da kamfanoninsu, ƙungiyar kowa da kasonsa. Ka nemi lambar `IPI` ta kowane marubuci, saboda sunaye suna yin kama, da `ISWC` ta waƙar da `ISRC` ta sautin idan akwai.

Ga yadda waƙarka za ta fito idan an ji ta sau biyu:

```
07  00:12:08  00:13:50  1:42  VV
19  01:04:10  01:04:45  0:35  BV
```

`VV` na nufin ana ganin mai rerawa a hoto, `BV` kuma murya ce da mai kallo ke ji a bayan fage. Irinsu na kiɗa zalla su ne `VI` da `BI`, na buɗe fim da rufe shi kuwa `MT` da `ET`. Wasu ƙungiyoyin sun fi biya a kan abin da ake gani a hoto, shi ya sa suke bin wannan ginshiƙin da kyau.

Yanzu ka ɗora layukan nan biyu a kan lasisinka. Idan lasisin ya ce amfani sau ɗaya, bai wuce minti ɗaya da rabi ba, to ka zarce da daƙiƙa 12 a na farko, na biyu kuma ba shi da izini sam. Takardar da ka cika da hannunka ita ce za ta zama shaida a kanka. Ko dai ka koma a gyara lasisin, ko a rage kiɗan kafin ka miƙa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙananan abubuwa: ɗan wasa da ya rera baiti ɗaya yana wanka, ƙarar wayar da waƙa ce, rediyon da ke kunne lokacin ɗaukar hoto. Babu wata doka ta gama-gari da ta halatta daƙiƙa kaɗan kyauta, don haka kowanne sai ya samu layinsa da izininsa. Ka ba kowane kiɗan makaɗinka suna na kansa, wanda zai yi daidai da wanda ya yi rajista da shi a ƙungiyarsa harafi da harafi, in ba haka ba kuɗinsa zai maƙale. Idan daga baya an yanke fim ɗin don talabijin, wannan sigar ma sai an yi mata tata takardar.